Layin Dogo Ne

Mahaifina ya shekara talatin da biyu yana buɗe ƙofofin mutane, shi ya sa a titinmu babu mai kiransa da sunan yanka. Buɗau ake ce masa, har Mama idan ta yi fushi. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin wani kantin magani da shagona na fotokwafi, kuma idan ka miƙa hannu biyu a cikinta za ka taɓo bango da bango. Akwai injin yankan makulli da ya girme ni, akwai ɗanyun makullai da ba a yanka ba rataye jere a bango, sai benci guda da ƙafarsa ɗaya ke tsaye kan guntun katako. Ni ce autarsa, kuma ni ce na fi kowa faɗa da shi, don haka na fi kowa saninsa.

Sana'ar makulli tana da wani sirri da mutane ba su lura da shi ba. Duk wanda ya kama sabon gida, kafin ya sayi tsintsiya, wurin mai makulli yake fara zuwa, don ba wanda ke son kwana a ɗakin da tsohon ɗan haya ke yawo da makullinsa a aljihu. Saboda haka Baba ne ke riga kowa sanin wa ya tare, a wane gida, da abin da ya lalace a ciki. Yana durƙushe yana kwance hannun ƙofa, matar gida za ta ce, "Baba, ko ka san mai gyaran famfo?" Ya sani. "Mai fenti fa?" Ya sani. Haka ya yi ta raba lambobin mutane shekara da shekaru, kyauta, wasu ma ba su san ta hanyarsa abinci ya zo musu ba.

Shi kuwa aikinsa kullum raguwa yake. Mutane sun daina gyaran kwaɗo, idan ya cije sai su fasa shi su sayi sabo mai araha. Wani babban kanti ya kawo injin da ke yanka makulli kafin ka gama gaisawa da mai shi. Akwai ranar da Baba ya yini bai kunna injinsa ba, na gan shi yana goge shi da tsumma har sau uku, na shige shagona na yi kamar ban gani ba. Abin ya yi min ciwo sosai.

Yayanmu, babban ɗan gidan, shi ya fara maganar rufe rumfar. Ba da mugunta ba, Yaya mutum ne mai son a ga ya riƙe iyayensa. Ya ce Baba ya dawo gida ya huta, shi zai ɗauki komai. Baba ya ce hutu na gawa ne. Suka yi ta ja har Mama ta raba gardamar: hayar rumfa saura wata takwas ta ƙare, idan zuwa lokacin aiki bai tashi ba, ba za a sabunta ba. Baba ya amsa da bakinsa, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya cin maganarsa. A ranar Mama ta ƙara masa da wata magana, tana ninke kaya ko kallonsa ba ta yi.

"Kai ka cika wa kowa tukunya, taka a kife. Wa ya taɓa turo maka ko mutum ɗaya?"

Maganar nan ta zauna masa. Bayan kwana huɗu ya tara mutum biyar a kan bencinsa da kujerun shagona. Akwai Mai Famfo, wani gajere mai yawan zargi, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya duba ko da wata manufa. Akwai Anti Labule, mai ɗinkin labule a bayan kasuwa, wadda ke shiga har kuryar ɗakunan mutane da awonta. Akwai Direba, mai motar kwasar kaya. Sai masu fenti biyu: wani da ake kira Dogo, wanda ba ya bukatar tsani sai a bene, da kuma maigidana. I, mijina mai fenti ne, kuma a nan duk rigimar take.

"Gida ɗaya muke shiga dukkanmu," in ji Baba, "amma kowa ya shiga ya fita kamar ɓarawo. Direba ya san ranar tashi kafin ni. Ni na san famfon da ke zuba kafin Mai Famfo. Anti ta san bangon da ya yi dauɗa kafin masu fenti. Ba mai cin abincin wani a nan. Me zai hana kowa ya riƙa kai wa ɗan'uwansa mutum?"

Mai Famfo ya tambayi nawa ne la'ada. Baba ya ce babu. Ya ce ranar da ya fara karɓar wani abu a kan sunan da ya bayar, daga ranar shawararsa ta zama talla, kuma matan da ke barinsa shi kaɗai da ƙofar ɗakinsu za su gane. Ladan kai mutum shi ne kai ma a kawo maka. Direba ya ce wannan ya yi masa, don shi ma ba ya son lissafi.

Sun yi Asabar uku suna tsara dokoki, ni ina jin su ta jikin bango ina sa baki ba tare da an tambaye ni ba. Ta farko, ba a ba da lambar kowa sai an tambaye shi ya yarda a kira shi, kuma a gaya masa gaskiya cewa su abokan aiki ne, yana da damar neman wani. Baba ya fi tsanantawa a kan wannan, ya ce mai makulli da ke raba adireshin mutane ba da izininsu ba ya gama sana'a. Ta biyu, wanda aka kai wa mutum ya kira shi kafin kwana ɗaya ya cika, idan bai kira ba a ba wani. Ta uku, wanda ya ɓata aiki ya koma ya gyara, don sunan wanda ya kai shi ne zai fara ɓaci kafin nasa. Ta huɗu, kowace Asabar a zauna, kowa ya faɗi wanda aka kawo masa da yadda aka ƙare. Ni kuma na buga musu ƙananan katuna masu lamba shida, kyauta, don a san ni ma 'yar halak ce.

Baba bai yarda da littafi ba. Ya buga ƙusa biyar a wani katako, ƙusa ɗaya sana'a ɗaya, ya rataya wa kowa mariƙin makulli na roba mai sunansa, fuska ɗaya fara, ɗaya ya shafa mata jan fenti. Idan an kai maka mutum, sai a juya mariƙinka ja ya kalli titi, ba za a mayar da shi fari ba sai ka zo ka ce ka kira. Duk mai wucewa yana gani. Direba ya taɓa kwana biyu a ja, Anti Labule ta yi masa tsiya har sai da ya roƙe ta.

Ƙusar fenti ce kawai ke da mariƙi biyu, don haka aka yi mata layi. Wanda mariƙinsa ke gaba shi ake kai wa mutum na gaba, sannan ya koma baya, ko ya daidaita da mai gida ko bai daidaita ba, don kai mutum aka yi alkawari, ba cin ciniki ba. Sai dai idan mai gida da kansa ya nemi wane da suna, to wannan zaɓinsa ne, ba ruwan layi. Dogo ya tambaya, idan aikin ƙarami ne fa, kamar ƙofa ɗaya? Maigidana ya miƙe tsaye, ina ganinsa ta taga, ya ce aiki aiki ne, ƙarami da babba duk layi ɗaya, in ba haka ba wani zai riƙa ƙin ƙanana yana jiran manya. Har da buga hannu a gwiwa. Na ji daɗin mijina a ranar, na ce ga namiji mai gaskiya.

Wata biyar abin yana tafiya, amma tafiyar hawainiya. Baba yana kai musu mutane kamar ruwa, su kuma suna kawo masa ɗaya-ɗaya: wata ta ɓatar da makullin akwati, wani kwaɗonsa ya cije. Anti Labule ce ta gaya min dalili wata rana da ta zo buga rasit.

"'Yar nan, kar ki ji haushi. Kowa yana riƙe da manyan mutanensa a aljihu. Mai Famfo cewa yake katakon nan wasa ne, ranar da nama mai kitse ya zo, tsoho surukinsa zai miƙa wa. Naka sai naka, ai."

Na yi ta masifa, na ce ba su san Baba ba. Amma a cikin raina, in faɗi gaskiya, ni ma abin da nake fata ke nan. Yaranmu uku, kuma damina ta tsayar da aikin fenti kusan wata biyu.

Ranar Litinin wata tsohuwa ta ce tana son a yi wa ƙofar gidanta fenti, ƙofa ɗaya ta ƙarfe. Mariƙin maigidana ne a gaba. Ya je, ya gama kafin azahar, ya dawo da ɗan abin da bai kai cefanen kwana biyu ba. Baba ya zare mariƙinsa ya mayar baya. Ranar Laraba da hantsi wata mota ta tsaya a gaban rumfar, wata mata mai tabarau ta fito da tarin makullai a jakar leda. Manaja ce ta wani kamfani mai kula da gidajen haya, Baba ya taɓa buɗe mata ofis da ta kulle kanta a waje. Ta ba shi makullai ya yanka, tana tsaye tana duba waya, sai ta ce suna da wani bene mai gida goma sha biyu da za a yi wa fenti ciki da waje kafin sababbin 'yan haya su shiga.

Ina cikin buga takardun wani ɗalibi na tsayar da injin. Gida goma sha biyu! Na fito bakin ƙofa da takardun a hannu.

"An ce min surukinka mai fenti ne," in ji ta. "Ka ba ni lambarsa mana."

Wallahi har na fara godiya a zuciyata. Ga doka ta buɗe ƙofa da kanta: mai aiki ta nema. Babu wanda zai ce an yi son kai. Na kalli Baba ina masa alama da ido har idona ya kusa faɗowa. Shi kuwa ya kashe injinsa, ya hure garin ƙarfe daga makullin, ya ɗago.

"Ranki ya daɗe, kin taɓa ganin aikinsa?"

"A'a."

"To shi kike so, ko mai fenti kike so?"

Ta yi dariya. "Baba, ni ina ruwana da ko wane ne? Mai fenti nagari nake so, wanda ka yarda da shi. Na ɗauka dai za ka fi son naka."

"Su biyu ne na yarda da su, kuma aikinsu ba ya da maraba. Muna da tsari a tsakaninmu, bi da bi muke yi. Yau layin Dogo ne. Kin yarda in ba shi lambarki ya kira ki kafin gobe war haka? Idan farashinsa bai yi miki ba, kina da damar neman wani, har da surukin nawa."

Ta ce ta yarda. Ta biya kuɗin makullanta ta tafi. Baba ya miƙa hannu ya juya mariƙin Dogo ja, ya mayar da shi baya, ya ɗauki waya. Ko jira ban yi ya gama kiran ba.

"Baba, da bakinta ta ce surukinka! Da kunnena na ji!"

"Ni ma na ji, Auta. Surukina ta ce, ba ta san ko sunansa ba. Ni take so ta faranta wa, ba shi ta zaɓa ba."

"To ka bari ta faranta maka mana! Jikokinka ne za su ci. Ƙofa ɗaya fa ya yi, ƙofa ɗaya, ita ce za ta cinye masa gida goma sha biyu?"

"Mijinki ne ya kafa dokar, kina jinsa."

Na ce masa abubuwan da har yau nake jin kunyarsu. Na ce gaskiyarsa ba ta taɓa saya masa ko sabon benci ba. Na ce nan da wata uku za a kwashe shi da katakonsa a kai gida, mu ga wanda zai tuna da shi a cikin waɗanda yake wa adalci. Ya kunna injinsa ba tare da makulli a ciki ba, don kawai ƙararsa ta rufe muryata.

Maigidana ya fi ni kunya amma bai fi ni haƙuri ba. Da ya ji labari ya wanke burushinsa da suke a wanke, ya ce shi ya fita daga tafiyar. Kwana uku bai bi ta titin ba, yana zagayawa ta bayan kantin magani. Mama ta kira ni ta ce in bar mata mijinta ya sha iska, ta shekara arba'in tana fama da wannan taurin kan, ba ni zan gyara shi a sati ɗaya ba.

Ranar Asabar aka taru kamar kullum. Ban fito da kujeruna ba, suka tsaya a tsaye, na kuma bar taga a buɗe don kada komai ya wuce ni. Maigidana ya zo a ƙarshe, ya tsaya nesa, da niyyar ya cire mariƙinsa ya yi sallama. Dogo ne ya fara magana. Ya ce ya kira Manaja a ranar, ya je ya auna benen, akwai wasu mutum biyu da suka ba da farashi, amma shi aka ba. Sannan ya ce Manaja ta ba shi labarin yadda aka yi, kalma da kalma, tana dariya tana cewa ba ta taɓa ganin tsohon da aka miƙa wa alfarma ya tsaya yana yi mata tambayoyi ba.

Mai Famfo ya cire hularsa ya sosa kai.

"Tsaya, Buɗau. Ta ce surukinka, ka ce layin Dogo ne?"

"Layinsa ne."

"Kuma ba kowa a wurin?"

"Auta tana nan."

"Ita ai da ta rufa maka asiri," in ji Anti Labule. Suka kwashe da dariya, ni kuma na ji kamar in nutse a bayan injina.

Mai Famfo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon katakon, sannan ya ciro wayarsa, ya ce shi yana da laifi, gara ya faɗa. Akwai wani masaukin ɗalibai da yake yi wa gyaran famfo shekara shida, ɗaki tamanin da huɗu. Tun wata biyu da suka wuce mai kula da wurin ke neman wanda zai canza makullan ɗakunan gaba ɗaya kafin sabon zango, ya kuma riƙa yanka musu duk wanda ɗalibi ya ɓatar, kuma ɗalibai ba su da aiki sai ɓatar da makulli. Shi Mai Famfo ya ɓoye maganar, yana jira ya ga ko katakon gaskiya ne.

"To kar ka ba ni lambarsa," in ji Baba. "Kira shi ka tambaye shi ko ya yarda."

A nan tsaye ya kira, ya sa kowa ya ji. Mutumin ya ce a turo Baba ranar Litinin. Mai Famfo ya miƙa hannu da kansa ya juya mariƙin Baba ja. Anti Labule ta ce tunda yau ranar tonon asiri ce, ita ma tana da wani ƙaramin otal da take wa labule, suna kukan ƙofofin banɗakinsu. Direba ya ce shi daga yau duk wanda ya ɗauka, kafin a sauke katifa zai tambaye shi ko ya canza makulli, da ma kunya ce ke hana shi. Anti ta ce wannan ne karo na farko da ta ji an haɗa direba da kunya a magana ɗaya.

Sai maigidana ya matso.

"Baba, ku yi haƙuri. Ni na kawo dokar nan, kuma ita ta kama ni. Amma dokar tana da gyara. Ƙofa ɗaya da bene ba abu ɗaya ba ne, ko ni ko Dogo, wata rana za ta sake cizon wani."

Baba ya ce wannan magana ce, kuma da a ranar Laraba ya zo da ita da ba za a saurare shi ba, don ba a canza doka ana tsakiyar rabo. Yanzu da rabo ya wuce, a gyara. Suka yi ta muhawara har rana ta take, a ƙarshe aka ƙara ƙusa ta shida: fenti ya zama layi biyu, aikin da bai wuce kwana biyu ba a ƙusa ɗaya, wanda ya wuce a ɗaya. A layin manya, tunda Dogo ya ci, maigidana ne a gaba. Dogo ya ce shi ma yana da magana, benen ya fi ƙarfin mutanensa a sati uku, yana neman gwani ya riƙe masa hawa na sama. Baba ya ce wannan tsakaninsu ne, ba ruwan katako, kuma kada wanda ya ɗauka biyan wani abu ne. Maigidana ya karɓa. Babban aikinsa na kansa bai zo ba sai bayan wata biyu, wani asibitin haƙori, kuma bai kai rabin benen ba. Har gobe idan na tuna gida goma sha biyun nan sai na ɗan ji zafi, ba zan yi ƙarya ba.

Da yamma na fito da kujerun da na hana su, na jera a gaban rumfar duk da babu mai zama. Na kai wa Baba shayi. Na tsaya ina neman ta inda zan fara.

"Baba, maganar da na yi ranar nan..."

"Wace? Injin yana ƙara, ban ji ba."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ya ce in daina jiƙa masa makullai, tsatsa za su yi.

Ranar Litinin ya sa rigarsa mai aljihu huɗu ya tafi masaukin ɗalibai. Ya bi ƙofa tamanin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya ce ashirin da shida daga ciki ba sa bukatar a canza komai sai cikin makullin, hannayensu lafiya lau, kuma haka ya gaya wa mai kula da wurin. Na buɗe baki zan ce ya rage wa kansa ciniki, sai na tuna, na rufe. Mutumin ya ba shi aikin, ya kuma haɗa shi da wani masaukin na 'yan mata da ke bayan nasu. Daga nan injin Baba bai sake yini a kashe ba. Wasu masu sana'a suka fara zuwa neman ƙusa, mai gyaran wuta da kafinta da wata mai share gidaje. Baba ya ce sai wani a cikinsu ya ga aikin mutum da idonsa, sai kuma kowa ya yarda, don haka kafinta ya yi wata biyu yana jira.

Abin da ba mu yi ba shi ne gaya wa Yaya. Ba ɓoyewa muka yi ba, Yaya mutum ne da idan ya kira waya shi ke magana, kai naka "to" ne. Yana can wani gari yana aiki, yana ƙirga watanni. Da wata takwas suka cika, ya ɗauki hutu, ya sa aka gyara wa Baba ɗaki, har da sabuwar kujera mai kwanciya da rediyo. Ya ga kati a kan teburin Mama, ya ga an rubuta kwasar kaya, ya kira lambar ya ce yana son mota ranar Asabar da safe, za a kwashe wata 'yar rumfa a bakin titi kusa da kantin magani. Direba ya ce to, Allah ya kai mu.

Asabar da safe Yaya ya iso da kwalaye da igiya, ya same mu duka a wurin, ya ɗauka taron bankwana ne. Har ya fara jawabi, yana gode wa kowa da zaman da aka yi da mahaifinsa. Anti Labule ta toshe baki da gyale. Mai Famfo ya juya baya yana tari. Baba yana zaune a kan bencinsa yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa labarai.

Sai ga motar Direba ta taho da baya, a hankali, tana ƙara, ta tsaya daidai bakin rumfar. Direba ya sauko ya buɗe bayanta. Kwalaye ne jere har rabin mota, sababbin makullan ƙofa na masaukin 'yan mata, ɗaki sittin, da Baba ya aike shi ya ɗauko tun da sassafe. A saman su kuma ga sabon benci mai ƙafa huɗu lafiyayyu, aikin kafintan da ke neman ƙusa.

Yaya ya kalli motar, ya kalli Direba, ya kalle ni. "Wannan fa? Ai mota babu kaya na ce."

"Yallaɓai, kwasar kaya ka ce," in ji Direba. "Ba ka ce ina za su ba."

Baba ya zaro takardar sabunta haya daga aljihunsa na sama, shekara biyu, da sa hannu, ya miƙa masa. Yaya ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Ban taɓa ganin Yaya ya rasa abin faɗa ba sai ranar, kuma ban taɓa jin alfahari da mahaifina kamar ranar ba.

"Baba, ai da an gaya min."

"Da ka yi shiru a waya da ka ji." Ya miƙe, ya karkaɗe garin ƙarfe daga rigarsa, ya dafa kafaɗar ɗansa. "Na gode da kujerar, ka ba uwarka, ita ta gaji da ni. Ka zo kwasar kaya, ga kaya nan. Naɗe hannun rigarka, ka fara da na ƙasa, sun fi nauyi."